Abin Da Na Rubuta A Ƙarƙashin Hotonta

Duk wadda ta saba karanta littattafanmu na Hausa ta san shafukan nan na farko da marubuci kan ware kafin ya shiga labari, wato sadaukarwa, da godiya, da tukuici, wani lokaci kuma da ta'aziyya. Da yawanku kun sha tsallake su don ɗokin ku ji yadda za ta ƙare tsakanin saurayi da budurwa, ni ma ban ga laifinku ba. To amma yau a kan ɗaya daga cikin waɗannan shafuka nake son mu tattauna, domin akwai wani rabin shafi da ya cinye mini sati uku cur ina rubutawa ina yagawa, alhali littafin kansa bai ba ni rabin wannan wahala ba.

Ina da ƙawa, tare muka tashi a nan Unguwar Kanawa, layinmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya, tare muka gama sakandare. Ba zan faɗi sunanta a nan ba saboda iyalinta. Allah ya karɓi abarsa wajen haihuwa ta biyu tana da shekara 27, abin da ta haifa ma bai kwana ba, ta bar yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu. Bayan shekara guda da rasuwarta na gama wani littafi, sai na yi niyyar in sa hotonta a shafin ta'aziyya, da 'yan kalmomi a ƙarƙashinsa. Na fara neman iznin mijinta da mahaifiyarta, don na san akwai gidajen da ba su yarda da buga hoton mace ba, a raye take ko a mace, kuma haƙƙinsu ne. Suka amince. Na ɗauka an gama mai wuyar ke nan.

Da na je wurin mai ɗab'i, ya karɓi hoton ya duba, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba sai kin wahalar da kanki ba, muna da shi a ajiye, suna kawai za a canja." Ya nuna mini. An rubuta cewa marigayiya mace ce mai haƙuri, mai ladabi da biyayya, mai son zumunci, ta rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, an yi babban rashi, Allah ya sa Aljanna makoma. Babu kalma ɗaya marar kyau a ciki. Amma wallahi ina karantawa ina kallon hoton, sai na ji kamar an ɗauko rigar wata an saka mata. Wannan rubutu zai zauna daram a ƙarƙashin hoton kakata, zai zauna a ƙarƙashin hoton kowace mace daga Kawo har Tudun Wada. Ƙawata kuwa ba a san ta da shiru-shiru ba. Idan tana dariya a tsakar gidansu, mu da ke gida na uku mukan san ta dawo. Ta iya kwaikwayon kwandastan motar Kawo zuwa Kasuwa, yadda yake rataye a ƙofa yana kiran fasinja yana rantsuwar saura mutum ɗaya alhali motar wayam, har sai kin riƙe ciki kina roƙonta ta bari. Na ce wa mai ɗab'i ya dakata mini.

Na koma gida na rubuta nawa. Na cika takarda guda: yadda zuciyata ta tsage ranar da aka aiko, yadda abinci ya fita raina, yadda duniya ta yi mini duhu, yadda ba zan ƙara yin wata ƙawa ba har abada. Na yi kuka sosai ina rubutawa, na kwanta ina ganin na fitar da ita kunya. Da safe na sake dubawa da idon basira, sai na ƙirga. "Ni" da "na" da "zuciyata" sun fi ashirin, ita kuwa sau biyu kacal aka ambace ta. Ashe kaina na yi wa ta'aziyya. Wanda bai san ta ba, idan ya karanta zai san cewa wata marubuciya ta ji ciwo, amma ba zai san komai ba game da wadda aka ji ciwon dominta. Na yaga.

A karo na biyu sai na saki hannu na rubuta ta yadda na san ta, da dariyarta da tsokanarta. Na kai wa yayarta ta duba. Yaya ta karanta, ta ajiye takardar a hankali, ta ce, "Ke yanzu mutuwar ce abin wasa? Yarinya ta tafi da ƙuruciyarta, ta bar marainiya, ke kuma kina ba mutane labarin kwandasta? So kike a ce ta yi rayuwarta a shashanci?" Maganar ta dake ni, kuma ban ce ba ta da hujja ba. Shi ya sa na zauna na yi ta juya tambayar a raina: shin tuna dariyar mamaci rashin girmama mutuwa ne?

Abin da na fara lura da shi shi ne, Bahaushe ba baƙon dariya ba ne a gidan mutuwa. Idan tsoho ko tsohuwa suka rasu, bayan an kwana biyu za ki ga jikoki sun fito da wasan jika, wani ya ɗauki sandar marigayi yana kwaikwayon tafiyarsa da faɗansa, 'ya'yan mamacin suna ba su kuɗi suna murmushi da hawaye a ido. Akwai malaman da ba su son wannan al'ada, ni ma ba kare ta nake yi ba. Abin da nake nunawa shi ne mun yarda a tuna tsoho da raha saboda muna ganin ya ci zamaninsa. Idan yaro ne ko matashiya, sai mu kulle bakinmu, kamar dai shekarunta 27 duk ba su da wata ma'ana sai ranar ƙarshe. Sai ya zama an rage mata rai sau biyu: ajali ya yanke gaba, mu kuma mun shafe baya. Ƙawata ta yi kwana dubu tara da ɗoriya a duniya, kwana ɗaya ne kawai a cikinsu ta mutu. Don me za a ce wannan kwana ɗayan ne kaɗai ya cancanci a rubuta?

Daga nan na koma ga abin da muka koya a Islamiyya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa an wuce da wata gawa, sahabbai suka yabe ta da alheri, Manzon Allah (SAW) ya ce ta tabbata. Aka wuce da wata, suka ambace ta da sharri, ya sake cewa ta tabbata. Da Sayyidina Umar (RA) ya tambaya, sai ya bayyana cewa ta farko Aljanna ce ta tabbata gare ta, ta biyu kuwa wuta, kuma ya kira su shaidun Allah a bayan ƙasa. Ina jin daga nan ne muka samo maganar nan tamu cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. To, 'yar uwa, a nan ne kaina ya waye. Abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton mamaci shaida ce. Shaida kuwa, ko a gaban alƙali, ba a karɓarta a dunƙule. Idan kika ce "mutumin kirki ne," za a tambaye ki me kika gani. Kullum muna addu'a muna cewa Allah ya sa halinta na gari ya bi ta, amma ba mu cika tsayawa mu faɗi wane hali ba ne. Halin ƙawata na gari kuwa, babban rabonsa a cikin dariyar nan yake. Na ga ranar da kishiyoyi biyu a layinmu suka yi wata guda ba su ga maciji, ta shiga gidan da kwanon ɗan wake, ta zauna a tsakaninsu ta yi ta kwaikwayon yadda kowacce ke hura hanci idan ɗayar ta gifta, har dariya ta kuɓuce musu su duka, suka sa hannu a kwano ɗaya. Idan na cire dariyar daga shaidata, na cire sulhun ke nan.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa tuna ƙananan abubuwan mamaci raini ne. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda Manzon Allah (SAW) yake yawan ambaton Nana Khadija (RA) shekaru bayan rasuwarta, idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Wata rana 'yar uwarta Halatu ta zo ta nemi iznin shiga, jin yadda ta yi sallamar kawai ya tuna masa da Khadija har abin ya motsa shi. Dubi fa, muryar sallama. Abin da yake riƙe mutum a zuciyar masoyinsa ke nan, irin takunsa, irin kiran da yake yi maka daga zaure.

A ƙasarmu ma muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙin marsiyya da dama, kuma ba manyan maza kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta kuma yi wa wata mata Zaharatu. Abin da ya ja hankalina a ta Zaharatu shi ne ba ta tsaya ga cewa mace ce ta gari ba, ta faɗi ayyukanta da sunansu: tana karantar da mata, tana zuwa wurin mai naƙuda idan an kira ta, tana zuwa wankan gawa. Shi ya sa yau, bayan fiye da shekara 160, mun san wace ce Zaharatu. Da an rubuta mata irin na mai ɗab'ina, da ta ɓace cikin dubban masu haƙuri da ladabi.

To amma fa kada wata ta ɗauka na ce a saki baki. Yaya tana da gaskiya ta wani ɓangaren, kuma sai da na zauna da takardata ta biyu ina bin ta layi layi sannan na gane inda gaskiyarta take.

Layin farko da na soke shi ne inda na ce "kowa nata ne, ba ta da abokin faɗa." Daɗin faɗi gare shi, amma ƙarya ne. Ƙawata tana da zuciya, kuma akwai wata da suka yi shekara biyu ba su magana, duk unguwa an sani. Akwai labarin da ke tsorata ni a cikin Bukhari: Abdullahi ɗan Rawaha (RA) ya taɓa suma, 'yar uwarsa Amratu ta ɗauka ya tafi, ta kama kuka tana kiransa dutsenta, tana jera masa kirari. Da ya farfaɗo sai ya gaya mata cewa duk abin da ta faɗa sai da aka tambaye shi, wai haka kake? Da ya zo ya yi shahada daga baya, ba ta yi masa irin wannan kukan ba. Tun da na tuna wannan, sai na riƙa tambayar kowane layi: idan aka tsayar da ƙawata aka ce mata haka kike, za ta iya cewa e? Kalmomin da suka fi faɗuwa a wannan jarrabawa su ne "kowa" da "kullum" da "ko sau ɗaya". Yabon ƙarya ba gata ba ne ga mamaci, kuma duk wanda ya san ta, da zarar ya ci karo da ƙarya ɗaya zai daina yarda da sauran gaskiyar da ke shafin.

Wannan ba ya nufin in rubuta cewa tana da zuciya. An hana mu zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Tsakanin ƙarya da tonon asiri akwai fili mai faɗi, sunansa shiru. Ba a tilasta mini in faɗi komai ba, abin da aka tilasta mini shi ne duk abin da na faɗa ya zama haka yake.

Layi na biyu da na soke ya fi yi mini ciwo, don shi ne mafi ban dariya a cikin duk abin da na sani game da ita. Akwai wata dattijuwa a dangin mijinta da take kwaikwayo idan muna mu biyu a ɗaki, da ƙofa a rufe. Ko yanzu na tuna sai na murmusa. Amma dattijuwar tana raye, kuma a hannun dangin nan marainiyar take. Dariyar da aka yi a bayan ƙofa amana ce, mutuwar mai ita ba ta warware amanar, sai ma ƙara ɗaure ta, tunda babu sauran damar ta fito ta ce wasa take yi. Mamaci ba ya iya kare kansa, ba ya iya ba da haƙuri. Duk abin da kika buga da sunansa, ya zauna ke nan. Haka ma labarin kwandasta na cire shi daga ƙarshe, ba don yana da aibi ba, sai don abu ne da ake ji da kunne a gani da ido. A takarda, ga wanda bai san ta ba, zai fito kamar shirme. Na bar shi don hira.

Sai maganar adashi. Shekara biyar ita ce uwar adashinmu, mu goma sha biyu. Bayan rasuwarta ne, da muka buɗe littafin da take rubuta zubi, muka gano wata uku a jere ita ta riƙa zuba wa ɗaya daga cikinmu daga kuɗin kitsonta, lokacin da mijin waccan ya rasa aiki, kuma ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Wannan ita ce shaida mafi nauyi da nake da ita. Amma idan na rubuta ta dalla-dalla, duk Unguwar Kanawa za a gane wace ce, in tona abin da marigayiya ta rufe da hannunta. Sai na nemi hanyar da zan faɗi halin ba tare da na nuna mai shi da yatsa ba.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ainihin abin da ke damun Yaya ko da ba ta faɗa ba. Shari'a ta ba mace kwana uku ta yi zaman makokin wani nata, in ban da miji da ake yi wa takaba wata huɗu da kwana goma. A cikin kwana ukun nan, a gaban uwar da ta rasa 'ya, babu abin da ya dace da bakinki sai "ya haƙuri" da addu'a. Na ga masu ɗora hoton mamaci a waya tun ba a dawo daga maƙabarta ba, har wani ɗan uwa na nesa ya fara jin mutuwar a nan. Wannan ba tunawa ba ne, gaggawa ce. Ni rubutuna bayan shekara ya zo, lokacin da masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, sunanta ya fara ƙaranci a bakin mutane, kowa yana tsoron ambatonta kada ya tayar da mikin Inna. A wannan lokacin shirun ne yake ciwo.

Abin da ya yanke mini hukunci dai ita ce yarinyar. Shekararta huɗu aka bar ta. Nan da shekara goma ba za ta tuna muryar uwarta ba, abin da za ta samu shi ne abin da muka ajiye mata. Idan ta buɗe littafin ta ga "mai haƙuri da ladabi," za ta rufe ba ta ƙaru da komai ba. Idan kuwa duk abin da ta gani hawayenmu ne, za ta tashi tana ganin uwarta wani abin tausayi ce kawai, wata masifa da ta faɗa wa dangi. Ni kuwa so nake ranar da ta ƙyalƙyale da dariya aka ce mata "kai, kamar uwarki," ta san gado ne mai kyau aka ce ta yi.

Ga abin da ya rage bayan duk soke-soken, in ban da sunanta da ke sama:

"Ta rayu shekara 27 a Unguwar Kanawa. Akan ji dariyarta kafin a ga fuskarta, kuma da dariyar nan ta sha sasanta waɗanda suka ɓata. Ta riƙe mana adashi shekara biyar, kwabo bai yi ciwon kai ba, ta rufa asirin da sai bayan ranta muka sani. Mai karatu, don Allah ka yi mata addu'a. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari."

Za ki ga ban rubuta yadda ta rasu ba, waɗanda ya kamata su sani sun sani. Ban ce ta shiga Aljanna ba, wannan roƙo muke yi, ba mu da ikon yankewa. Ban kuma ambaci baƙin cikina ba, don duk wadda ta karanta ta san ba a rubuta irin wannan sai da ciwo. Addu'ar ce kaɗai na tabbata za ta isa inda take, shi ya sa na sa ta a ƙarshe, inda ido zai tsaya.

Kafin in mayar wa mai ɗab'i, na ce sai Inna ta ji da kunnenta, in ta ce a'a, a'a ɗin ke nan. Na same ta bayan la'asar tana tsintar shinkafa a faranti, Yaya na gefe. Ƙawata ita ce ta biyu a ɗakin, amma duk da haka tun rasuwar ban ji Inna ta kama sunanta ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ga abin da na rubuta, in kin yarda." Ta ce, "Karanta mini, 'yar nan, idon ba ya gani." Na karanta muryata na rawa. Ta yi shiru har na fara da-na-sani. Can sai ta ce, "Ai tun tana goye haka take. Ranar da na kai ta awo, ma'aikaciyar ta tsira mata allura, ta yi kuka kaɗan, sai ta kama 'yan kunnen matar tana dariya." Inna ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta share da bakin mayafi, ta ci gaba da ba mu labari har aka kira magariba, shinkafar tana nan ba a gama tsinta ba.

Yaya ba ta ce ta sauko ba, har yau tana ganin da na bar maganar dariyar a cikin gida. Da zan tafi ta rako ni zaure, ta ce in ƙara "da dukkan musulmi" a bayan "Allah ya jiƙanta." Na ƙara. Inna kuwa ta leƙo ta ce idan littafin ya fito in kawo mata biyu, ɗaya nata, ɗaya za ta sa a ƙasan akwati sai yarinyar ta iya karatu.